Allura Da Zare: Abin Da Mai Keken Ɗinki Ya Kamata Ya Sani

A gidajenmu da yawa, daga Dutsin-Ma har Kurfi da ƙauyukan da ke tsakani, akwai keken ɗinki na ƙafa a jingine a ɗaki. Wani na gado ne, wani kuwa tun lokacin aure aka saye shi. Galibinsu Singa ne ko Batafilai, baƙaƙe masu zanen ruwan zinariya, kuma in ana ba su mai sukan yi shekaru suna aiki. Amma mun lura da abu guda a gidajen da muke shiga. Allura ɗaya ce ke ɗaure a keken tun bara, da ita ake ɗinka gyale, da ita ake rage wandon jins, da ita kuma ake so a ɗinka jakar fata. In zare ya tsinke ko ɗinki ya yi tsallake, sai a ce keke ya lalace, a aika a kira mai gyara. Alhali kuwa sau da yawa keken lafiyarsa lau, allura da zare ne ba su dace da juna ba.

Ga dokar da muke so masu karatu su riƙe: yadi shi ke zaɓen zare, zare kuma shi ke zaɓen allura. Ba a soma da allurar da aka tarar a keke. Domin a gane dalilin haka, sai mu duba allurar kanta tukuna.

Ku kwance allura daga keke, ku kai ta haske. Gindinta, watau wurin da ake ɗaurewa, yana da gefe ɗaya a baje. A wancan gefen kuwa akwai wani dogon kwari siriri wanda ya gangaro har kafar allura. In kun bi shi da farce za ku ji shi. Wannan kwari shi ne mafakar zare. Sa'ad da allura ta nutsa cikin yadi, zaren yakan kwanta a cikin kwarin don kada yadi ya goge shi. A ɗaya gefen babu irin wannan mafaka, saboda haka da allura ta soma komowa sama sai yadi ya riƙe zaren, ya yi ɗan lanƙwasa kamar zarge a ƙarƙashi. Wata ƙugiya mai tsini da ke kai da komowa a wajen ƙoshiya ita ke cafke zargen, ta kewaya da shi bayan kwarkwaro, zaren sama da na ƙasa su sarƙe. Ɗinki ɗaya ke nan.

To, in zare ya fi ƙarfin kwarin, ba zai kwanta a ciki ba, sai ya riƙa gugar yadi da bakin kafar. Kada kuwa a manta, zaren sama ba sau ɗaya yake ratsa kafar allura ba. Kowane ɗinki sai keke ya jawo zare mai yawa ƙasa don ya kewaye ƙoshiya, kāna ya mayar da shi sama, har wuri ɗaya a jikin zaren yakan yi kai da komowa sau ashirin ko talatin kafin ya zauna a yadi. In kafar ta matse shi, kafin nan ya saɓule ya tsinke. In kuma allura ce ta yi wa zare girma, sai ta huda rami babba wanda zaren ba zai cika ba, zargen ma ya riƙa karkacewa, ƙugiya ta wuce ba ta kama ba.

Lambobi biyu masu saɓa wa juna

A jikin takardar allura za ku ga lamba biyu, kamar 90/14. Telolinmu da ta biyun suke kira, su ce a ba su lamba 14 ko lamba 16, wannan kuwa lissafin Singa ne. Ta farkon tana faɗin kaurin allurar: 100 milimita ɗaya ke nan cif, 90 ta gaza milimita da kaɗan. Waɗanda za ku fi bukata su ne 65/9, 75/11, 90/14, 100/16 da 110/18. Lamba tana hawa, allura tana ƙara kauri.

A wajen zare abin a juye yake, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ku leƙa cikin gindin ƙwaryar zaren, za ku ga an rubuta 40/2. Ma'anarsa sili biyu ne na lamba 40 aka murɗe tare. Wannan shi ne zaren yau da kullum na atamfa da shadda da rigar makaranta, abokin tafiyarsa kuwa allura 14. Amma a nan in lamba ta hau, zare sirancewa yake yi. 60/2 ya fi 40/2 siranta, 20/2 kuwa nauyinsa ya ninka na 40/2.

Akwai kuma abin dubawa na uku. Keken gida irin namu yana shan allurar da aka rubuta wa HAx1, ko 15x1, ko 130/705H, duka abu ɗaya ne. Wadda aka rubuta wa DBx1 ta keken masana'anta ce mai aiki da lantarki, gindinta a mulmule yake ba gefen da ya baje. Mai shago yana iya miƙo muku ita don lambar ta yi daidai. Ku juya gindinta tsakanin yatsu kafin ku biya.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ku yanki zare kamar kamu ɗaya, ku zura shi a allurar tun ba a ɗaura ta a keke ba. Ku riƙe bakin zaren biyu a miƙe, ku ɗaga hannu ɗaya sama kaɗan. In allura ta sulale da kanta zuwa ƙasa, sun dace. In ta tsaya, ko sai an girgiza take motsi, ta yi ƙanƙanta, sai a hau lamba ta gaba.

Wandon jins

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, matasa masu sa jins sun yawaita a garin, kuma rage tsawon wando ya zama aikin kowace rana. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata uwa daga Kurfi ta je kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, ta sayo wa ɗanta wandon jins na gwanjo, aka gwada aka ga ya yi tsawo da inci 3.

Ba inci 3 za ta yanke ba. Kalmasar jins ninki biyu ce, kowane ninki rabin inci, watau tana cin inci 1. Saboda haka inci 2 za ta yanke. Kada ta zubar da abin da ta yanke, gama zai yi mata amfani sau biyu nan gaba.

Yanzu sai ta ƙirga kaurin da allura za ta ratsa. Inda yadin yake shi kaɗai, kalmasa ta mai da shi ruɓi 3. Wannan ba kome ba ne ga keken ƙafa. Amma kowace ƙafar wando tana da haɗi biyu da suka gangaro daga sama. A yawancin wanduna ɗaya daga cikinsu an naɗe shi ne an bi da layi biyu na ɗinki, shi kansa ruɓi 4 ne. In aka ninka shi cikin kalmasa ya zama 4 sau 3, watau ruɓi 12. A jins mai nauyi wannan tudu yakan kusa santimita guda, alhali madanni, watau ƙarfen nan da ke danne yadi, ba ya ɗagawa fiye da milimita 6 zuwa 8. A nan ne allurai ke karyewa.

Jins saƙa ce matsattsiya ta auduga. Allura 14 in ta gamu da tudun sai ta lanƙwashe kaɗan, ta kauce wa ramin farantin da ke ƙarƙashi, ta daki ƙarfe. Saboda haka lamba 16 ce mafi ƙanƙanta da za a sa. In an sami wadda aka yi musamman don jins, mai alamar 130/705 H-J, ta fi, gama jikinta ya fi tauri. In ba a samu ba, sabuwar 16 ko 18 ta yau da kullum za ta yi.

Batun zare kuwa ya danganta ga abin da uwar ke so. In ƙarfi kaɗai take nema, zaren roba 40/2 mai launin wandon ya isa, sama da ƙasa, da allura 16, kuma wannan shi ne mafi sauƙi. In yaron ya nace sai an mayar masa da layin nan mai kauri ruwan goro irin na kamfani, sai ta sa 20/2 a sama da allura 18, amma ta bar 40/2 a kwarkwaro. Ƙoshiyar keken gida an daidaita ta ne don zare matsakaici, in an cusa mata mai kauri sai ta riƙe shi gam. Tun da mai kaurin a sama yake, dole ta ɗinka ta fuskar wandon, ba ta ciki ba. In 20/2 bai samu ba, akwai dabarar teloli: a haɗa zare biyu na 40/2, a bi da su hanya ɗaya, a zura su tare a kafar allura 18. Daga nesa ba a bambanta su.

Ta buɗe tsawon ɗinki zuwa 7 ko 8 a inci ɗaya, watau wajen milimita 3 da ɗoriya. Sa'an nan ta ɗauki guntun da ta yanke, ta ninka shi uku, ta gwada. Ta juya ta duba ƙasa. In ta ga zaren sama ya yi zarge-zarge a ƙarƙashi, kada ta taɓa ƙoshiya. Mutane sukan ga ɓarna a ƙasa su ce laifin kwarkwaro ne, alhali zaren sama ne ba a ja shi sosai ba. Ta ƙara murɗa mamatsin zaren sama kaɗan-kaɗan, tana gwadawa, har sarƙar ta ɓuya a tsakiyar yadi. In ta murɗa har ƙarshe zargen bai tafi ba, allurar ce ta yi ƙanƙanta, ramin da ta huda bai isa a jawo sarƙar ciki ba.

Sai tudun. Kafin ta kai wando keke, ta ninka kalmasar, ta ɗora tudun a kan gungumen itace, ta rufe shi da tsumma, ta buga da guduma sau huɗu ko biyar. Auduga takan kwanta, tudun ya ragu ƙwarai. In har yanzu yana da kauri, ta buɗe ta rage naman haɗin da almakashi a cikin rabin incin farko, wanda zai ɓuya a ciki.

Kada ta soma ɗinki a kan tudu, ta soma a wuri mai laushi. Sa'ad da bakin madanni ya fara hawan tudun, za ta ga ya ɗaga hanci sama, bayansa na ƙasa. A haka ba ya danne yadin, sai yadi ya riƙa bin allura sama, zarge ya ƙi fita, ɗinki ya yi tsallake. Maganinsa, ta tsaya da allura a cikin yadi, ta ɗaga madanni, ta cusa guntun nan a ninke a ƙarƙashin bayansa har ya daidaita da tudun, ta sauke. Daga nan ta ɗauke ƙafarta daga mataki, ta riƙa juya wilin da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har ta sauka. Ɗinki shida ne ko takwas, ba su da yawa. Abin da muke roƙo kada ta yi shi ne jan wando ta baya don ta taimaki keke. Ja yana lanƙwasa allura.

Wani zai ce allura ai ba tsada, in ta karye a sa wata. Amma kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Inda ta daki bakin ramin faranti ko tsinin ƙugiya takan bar zazzaɓe, kuma wannan zazzaɓen shi zai riƙa yanke zare mako mai zuwa sa'ad da aka zo ɗinkin kayan Kirsimati, a rasa dalili.

Fata

Ƙasarmu ƙasar fata ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare hamada, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko domin ta can take isa gare su. Majemanmu da bagaruwa suke jeme ta, dukawa kuma su ɗinka da hannu. Wanda ke son ya yi jakar littafi ko ɗan alabe a keken gida yana iyawa, muddin ya san iyakarsa. Fatar akuya ko ta tunkiya mai laushi, ruɓi biyu, wadda kaurinta duka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, keken ƙafa zai ɗinka. Fatar saniya ta takalmi ko ta linzami ba aikinsa ba ne, ko da an ga allura ta shiga. Wannan sai a kai wa baduku, ko mai gyaran takalma da ke da keke irin nasu mai dogon hannu.

Bambancin fata da yadi shi ne fata ba saƙa ba ce. Allurar yadi ture zaruruwa take yi gefe ta wuce, su kuma su komo su rufe. A fata babu abin turewa, saboda haka allura mai tsini zalla takan cije, fata ta kama ta. Allurar fata bakinta kamar ɗan mashi yake, mai kaifi a gefe, yanka take yi. Alamarta 15x2 ko 130/705 H-LL. Ga fatar akuya lamba 16 ta isa, in zaren mai kauri ne 18.

Tun da yanka take yi, kowane rami ya zauna ke nan har abada. In ɗinki ya yi kusa da kusa, ramukan sukan haɗu fata ta yage a kan layin, kamar yadda ake yage rasit daga littafinsa. Ku buɗe ɗinki zuwa 6 ko 7 a inci. Kada ku koma da baya don ɗaurewa, gama allurar za ta yanke zaren da ta riga ta ɗinka. Ku bar zare mai tsawo, ku jawo shi ta ciki, ku ƙulla da hannu. Kada kuma a kafa fil. A shafa ɗan gam a bakin fatar, a bar shi ya bushe sarai, in ba haka ba zai like kafar allura.

Zaren auduga ba na fata ba ne, gumi da damshi sukan ruɓar da shi tun fatar tana da sauran ƙarfinta. Ku nemi na nailan ko na roba. Na nailan mai alamar 210D/3 shi ne iyakar kaurin da keken gida ke iya ɗauka, da allura 18. Zaren dukawa mai kakin zuma kuwa na hannu ne, in ya shiga keke kakin zai cushe mamatsi da kafar allura. In fata ta manne wa madanni ta ƙi tafiya, ku shimfiɗa siririyar takarda a kanta, ku ɗinka tare, ku yage daga baya.

Wata aba da ake sayarwa da sunan fata, ta kujeru da jakunkunan makaranta, roba ce aka shafa a kan yadi. Ku duba bayanta. In kun ga saƙa, kada ku sa allurar fata, za ta yanke zaruruwan da ke riƙe da robar. Lamba 16 ta yau da kullum ta fi.

Yadi marar nauyi

A nan keken ƙafa ya fi kekuna masu tsada da yawa, domin ramin farantinsa ƙarami ne, boyel ko gyale ba sa samun wurin nutsewa. Allura 11 ga boyel da shafi, 9 ga gyale mai shara-shara. Zare 60/2 ko 50/2, iri ɗaya sama da ƙasa, ɗinki 12 zuwa 15 a inci. Abin da ya fi ɓata irin wannan yadi shi ne tattarewa. Zaren roba yana miƙewa in an matse shi, bayan ɗinki sai ya koma yadda yake ya tattaro yadin, kuma guga ba ta gyara wannan. Saboda haka a sassauta mamatsin sama, a kuma naɗa kwarkwaro a hankali ba da gudu ba. Wadda ta gama jins jiya ta tuna ta mayar da mamatsin inda yake.

Allurar da ta ɗinka jins kada ta taɓa gyale, ko da lambarta ta yi. Bakinta ya riga ya dakushe ko ya ɗan lanƙwasa, zai fizgi zare ɗaya ya ja layi a yadin. Ana gane dakusasshiyar allura da kunne, takan yi ƙwas-ƙwas sa'ad da take shiga. Ana kuma jan bakinta a kan farce, in ta karce, ta gama aiki. Masu ƙera allura suna cewa a sake ta bayan kamar awa 8 na ɗinki. Mun san ba kowane gida zai iya haka ba, amma a ƙalla a ware: a sami ɗan ƙyalle a rubuta 11, 14, 16, 18 da biro, kowace allura in an kwance ta a soke ta a ƙarƙashin lambarta, gama rubutun da ke gindinta ba kowane ido ke ganinsa ba.

Wajen mayar da ita kuwa, a tura ta sama har ta tokare kafin a ɗaure. A Batafilai da tsofaffin Singa irinsa, gefen da ya baje yana duban dama, ana zura zare daga hagu. Akwai waɗansu Singa da ke juye da haka. Wanda littafin kekensa ya ɓace ya duba ƙaramin maratayin zare na ƙarshe da ke bisa allura: ta gefen da zare ya sauko, nan dogon kwarin zai duba.